An Rufe Layi Ko An Sauya Sim: Ina Kuɗin Cikin Waya Suke Tafiya?

Ranar Litinin 29 ga Yulin 2024, tun da sanyin safiya jama'a suka yi cincirindo a ƙofar ofisoshin kamfanonin sadarwa a manyan biranen Najeriya. A ƙarshen makon da ya gabace ta an rufe ɗimbin layuka bisa dalilin cewa ba a kammala haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba. Hayaniyar ta yi yawa har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin su buɗe layukan a wannan rana, daga baya kuma ta sa 14 ga Satumba a matsayin wa'adin ƙarshe. Wanda ya tsaya cikin wannan taro ya saurara, zai ji cewa ba rashin kiran waya ne kaɗai ya fito da mutane daga gidajensu ba. Da yawa jarinsu ne ya maƙale. Mai shayi da ke karɓar kuɗi ta waya, da mai ɗinki da aka turo wa kafin alƙalami, da magidancin da ke jiran aike daga ɗansa, duk tambayarsu ɗaya ce: an rufe layi, to kuɗina fa?

Amsar a taƙaice ita ce kuɗin suna nan. Sai dai hanyar kaiwa gare su ta danganta da abin da ya sami layin, kuma ta fi danganta da sunan wanda ke kan rajistar layin da na asusun.

Kuɗin ba a cikin sim suke ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kuɗinsu na kwance ne a cikin ɗan ƙaramin katin da ke bayan waya. Ba haka ba ne. Katin sim ba ya ɗauke da ko sisi. Abin da ke cikinsa lambobi ne na sirri da kamfanin sadarwa ke gane shi da su, sai kuma ƴan lambobin wayar da mai shi ya adana. Ita kanta lambar wayar, wadda ke farawa da 080 ko 070 ko 090, ba a jikin katin take zaune ba. Tana cikin rumbun kamfanin ne, an dai ɗaura ta a kan wannan kati, kuma ana iya kwance ta a ɗaura wa wani.

Kuɗin kuwa suna cikin littafin lissafin kamfanin da ke riƙe da asusun, a ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Najeriya. Kamfanoni irin su OPay da PalmPay suna aiki ne da lasisin hada-hadar kuɗi ta waya, kuma doka ta wajabta musu ajiye kuɗin jama'a a wani asusu na musamman a bankunan kasuwanci, ba tare da cakuɗa su da kuɗin kamfani ba. MoMo na MTN da SmartCash na Airtel, waɗanda suka fara aiki a 2022, suna da lasisin ƙananan bankunan biyan kuɗi, kuma a idon doka kowannensu kamfani ne dabam da uwarsa mai sayar da kati da data. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana tsaya wa mai ajiya idan kamfani ya durƙushe: tun daga 2024, har naira miliyan 5 ga mai asusu a kamfanonin rukunin farko, naira miliyan 2 a bankunan rukuni na biyu. A Nijar ma tsarin ya yi kama da haka, domin Babban Bankin Yammacin Afirka, BCEAO, ya shar'anta cewa duk kuɗin da ke yawo a waya sai an sami takwaransu ajiye a banki.

Saboda haka asusun tamkar shago ne, layin kuma makullinsa. Ana iya ɓatar da makulli kaya na nan a ciki, ana kuma iya wayar gari makullin yana hannun wani.

Abin da ya sa layin ke da wannan ƙarfi shi ne ayyuka uku da yake yi a lokaci guda. Shi ne lambar asusun, tunda a yawancin waɗannan kamfanoni lambar wayar mutum ce ake cire wa sifirin farko ta zama lambar asusu mai alƙaluma 10. Shi ne kuma shaidar da kamfanin ke gane mai asusu da ita idan ya danna lambobi irin su `*671#` na MoMo, `*939#` na SmartCash ko `*955#` na OPay. Sannan ta kansa ake aiko da lambar tantancewa ta OTP duk lokacin da aka canza waya ko aka manta lambar sirri. Duk abin da za a faɗa a gaba ya taso ne daga waɗannan ukun.

Idan an rufe layi

Rufewa iri-iri ce. Wadda aka yi ranar 4 ga Afrilun 2022, lokacin da gwamnati ta ba da umarni a kan layuka sama da miliyan 72 da ba a haɗa da NIN ba, kiran fita kawai ta hana. Saƙonni suna shigowa, don haka lambar tantancewa tana isowa, masu asusu da dama ba su ma ji a jikinsu ba ta fuskar kuɗi. Wadda aka fara a ƙarshen Fabrairun 2024 ta fi tsanani, domin ta haɗa da kira da saƙo da data baki ɗaya.

Idan aka yi irin wannan rufewar, wanda ya fi shan wahala shi ne mai ƙaramar waya, wadda ake kira rakani kashi ko tocila. Shi duk hada-hadarsa ta danna lambobi ce, kuma wannan hanya ba ta aiki sai da layi mai rai, ba kuma ya iya aron wayar maƙwabci ya shiga asusunsa, saboda kamfanin lambar maƙwabcin zai gani. Mai babbar waya yana da ɗan sauƙi. Muddin manhajar tana buɗe a wayarsa, galibi zai iya ci gaba da tura kuɗi da datar wani layin. Wannan sauƙi na ɗan lokaci ne. Ranar da manhajar ta fitar da shi ta nemi OTP, ko wayar ta lalace, ko ya yi kuskuren goge manhajar da nufin sake sauke ta, to ƙofar ta rufe sai an buɗe layi. Shi ya sa mafi hikimar abin da mai irin wannan hali zai yi shi ne ya kwashe abin da yake bukata zuwa wani asusunsa tun manhajar tana amsawa, kada ya taɓa goge ta.

Kuɗin shigowa kuma ba sa tsayawa. Wanda ya tura wa asusun kuɗi daga banki, za su shiga, tunda hanyarsu tsakanin bankuna ce, ba ta ratsa katin sim ba. Saƙon alat ne kawai ba zai iso ba. Wannan kan jawo rigima tsakanin ɗan kasuwa da mai saye, ɗaya yana rantsuwa ya tura, ɗaya yana cewa bai gani ba, alhali dukkansu gaskiya suke faɗa.

Akwai wani ruɗani da ke sa mutane ɓata yini guda a ofishin da ba shi ne nasu ba. Hukumomi biyu ne ke da ikon kulle, kuma kowacce abin da take kullewa dabam. NCC da kamfanonin sadarwa layi suke rufewa. Babban Banki kuwa asusu yake sa a daskarar. A watan Disambar 2023 ya ba da umarni cewa duk asusun matakin farko sai an haɗa shi da BVN ko NIN, na mataki na biyu da na uku kuma sai da duka biyun, kuma daga 1 ga Maris 2024 asusun da bai cika sharaɗin ba a hana shi motsi. Bambance su ba wuya. Idan waya tana nuna "Emergency calls only" ko "Not registered on network", matsalar ta layi ce, ofishin sadarwa za a nufa. Idan kuwa ana kira ana amsawa, saƙo yana shiga, amma tura kuɗi ya ƙi, matsalar ta asusu ce, kamfanin kuɗin za a nema. `*996#` ita ce lambar da ake duba matsayin haɗin layi da NIN a dukkan kamfanonin sadarwa.

Ghana ta ga irin wannan a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da aka kashe miliyoyin layukan da ba a yi wa rajista da katin ɗan ƙasa ba. A can, inda kusan kowane mai tireda a zango yake ciniki da MoMo, hukumomi sun bayyana cewa kuɗin mutane suna nan, mai su ya je ofishin kamfani da shaidarsa ya karɓa. Wato a can ma rufe layi bai cinye kuɗin kowa ba, shaida ce ta zama abin nema.

Idan an sauya sim

Sauya kati, abin da ake kira welkam bak a bakin masu sayar da waya, shi ne a ɗauke lambar daga tsohon kati a ɗora a kan sabo. Da zarar an kammala, tsohon katin ya mutu, ko yana hannun ɓarawo ko yana ƙasan rijiya. Asusun kuɗin ba ya canzawa: lambarsa ita ce, abin da ke ciki yana nan, lambar sirrin ma ita ce ta da. Lambobin mutane da aka adana a tsohon katin ne kawai suke tafiya.

Wani lokaci mutum zai karɓi sabon kati ya danna lambar asusunsa ya ga an dakatar da shi na ɗan lokaci, ko an nemi ya sake tabbatar da kansa. Wannan ba zalunci ba ne. Tun 2018 ƙa'idar Babban Banki a kan hada-hada ta danna lambobi ta bukaci cibiyoyin kuɗi su kasance da tsarin gano layin da aka sauya wa kati ko aka sauya wa mai shi, saboda sauya kati na daga cikin hanyoyin da ƴan damfara suka fi so.

Yadda abin ke gudana zai fi fitowa idan aka bi misali guda daki-daki. A ƙaddara wata mai ɗinki ce a Kano, tana da naira 180,000 a asusunta na waya, kuɗin yadi da na masu kawo ɗinkin salla. Asusun na matakin farko ne, an buɗe shi da NIN ɗinta. Layin kuwa ƙaninta ne ya saya mata shekaru da suka wuce, da sunansa da yatsunsa aka yi rajista, yanzu kuma yana aiki a Fatakwal. Da yammacin Alhamis ta sauka daga a-daidaita-sahu ta laluba jaka, babu waya.

Wanda ya ɗauki wayar bai damu da buɗe ta ba. Zai zare katin ya saka a wata wayar. Idan wannan layin ne aka yi rajistar BVN da shi, danna `*565*0#` zai fito masa da lambar BVN ɗinta. Saƙonnin da ke shigowa za su gaya masa kamfanin da take ajiya da abin da ya rage a ciki. Daga nan sai ya nemi a sake masa lambar sirri, OTP kuma hannunsa zai faɗo. Kamfanonin da ke neman hoton fuska kafin su amince sun fi ba shi wahala, amma ba kowace hanya ce ke neman fuska ba, kuma lambar sirri irin 1234 ko shekarar haihuwa ba ta bukatar a sake ta, cinka ake yi.

A nan matakin asusunta ya yi mata rana. Bisa ƙa'idar Babban Banki ta 2021, asusun matakin farko ba ya fitar da fiye da naira 50,000 a yini, ba kuma ya riƙe fiye da 300,000. Na mataki na biyu 200,000 ne a yini, na uku kuma har miliyan 5. Ke nan ko ɓarawon ya samu shiga, sai ya yi kwana huɗu kafin ya share 180,000: hamsin, hamsin, hamsin, sannan talatin. Idan ta yi abin da ya dace a daren Alhamis, mafi munin asararta 50,000 ce. Idan ta ce bari sai Litinin, babu abin da za ta tarar. Da asusun na mataki na biyu ne, dare ɗaya ya isa.

Abin da ya dace shi ne ta fara da kuɗin kafin layin. Ta ari waya ta kira kamfanin da ke riƙe da asusun ta ce a kulle shi. Za su tambaye ta suna da ranar haihuwa da wasu bayanan da ta bayar lokacin buɗewa, kuma tana da amsarsu tunda asusun nata ne. Kamfanoni da bankuna da yawa suna da gajeriyar lambar kulle asusu da ake dannawa daga kowace waya, kuma wannan lamba ce da ta cancanci a rubuta ta a takarda a ajiye a gida, domin wadda aka adana a cikin waya tare da wayar take tafiya. Idan tana da asusun banki da ke kan wannan layin, shi ma a kulle shi a daren. Bayan haka ne za a kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ta kamfanonin sadarwa, daga wani layi na kamfanin, a nemi a toshe layin.

Washegari ta tafi ofishin sadarwa neman sabon kati, a nan ne za ta ci karo da bango. Za a nemi NIN ɗin da ke kan layin, a ɗauki hoton yatsu ko na fuska a gwada da na rajista, a tambayi lambobin da aka fi kira da katin ƙarshe da aka saka, a wasu lokutan har da takardar rantsuwa daga kotu idan kwalin sim ɗin ya ɓata. Ta san lambobin da take kira, ta san katin da ta saka, amma yatsun da ke rumbun kamfanin na ƙaninta ne. Ma'aikacin da ya ce mata ba zai iya ba, gaskiyarsa ce, kuma wannan tsaurin ne yake hana wani ya zo gobe ya karɓi layinta da sunan shi ne ita.

Hanyoyi biyu suka rage mata. Ta farko, ƙanin ya je ofishin kamfanin a can Fatakwal ya karɓi sabon kati ya aiko mata, daga baya idan sun haɗu su je tare a mayar da rajistar layin zuwa sunanta. Ta biyu, ta sayi sabon layi da NIN ɗinta, ta je wa kamfanin kuɗin da shaidarta, a tantance fuskarta, a sauya lambar wayar da ke kan asusun. Idan ta bi ta biyun, ta tambaya tun a wurin ko lambar asusun za ta canza, don ta san abin da za ta gaya wa masu turo mata kuɗi, sannan ta je banki a sauya lambar da ke kan BVN ɗinta. Ko wacce ta bi, kuɗin da aka kulle suna nan suna jiran ta.

Da a ce layin irin wanda ake sayarwa a bakin titi ne da rajistar wani da ba a sani ba, to layin ya tafi ke nan, hanya ta biyu ce kawai. Mafi muni shi ne idan asusun ma ba da sunanta aka buɗe ba, kamar yadda ake yi wa mata da tsofaffi da yawa: mai POS ko wani yaro a gida ya buɗe musu da BVN ɗinsa don a huta da zirga-zirga. A idon kamfani kuɗin na mai BVN ne. Idan mutumin kirki ne kuma ana iya samunsa, za a warware. Idan an ɓata da shi, ko ya yi nisa, ko ya rasu, maganar ta zama ta shari'a. Wannan taimako da ake yi da kyakkyawar niyya ya fi kowane ɓarawo jefa kuɗin mata cikin haɗari, kuma ya kamata masu buɗe wa mutane asusu su daina shi.

Akwai kuma sauya katin da ake yi wa mutum yana riƙe da wayarsa, ta hanyar takardun bogi ko haɗin baki da gurɓataccen ma'aikaci. Alamarsa ɗaya ce kuma a fili take: sabis ya ɗauke a wayar mutum, ya kashe ya kunna bai dawo ba, alhali na kusa da shi masu layin kamfani ɗaya suna ta kira. Wani lokaci kafin haka akan dame shi da kiraye-kiraye don ya gaji ya kashe wayar, ko a kira shi da sunan ma'aikacin kamfani a nemi ya karanto wata lamba da aka turo masa. Wanda ya ga haka kada ya kwana yana jiran sabis ya dawo, ya bi matakan da mai ɗinkin nan ta bi a daren.

Satar kati kuwa tana da magani mai sauƙi da mutane kaɗan ke amfani da shi. Kowane sim yana karɓar lambar sirri tasa ta kansa, wadda ake kunnawa a saitin waya a wurin da aka rubuta "SIM lock" ko "SIM PIN". Da zarar an kunna ta, duk wayar da aka saka katin sai ta nemi lambar. Kuskure uku ya kulle katin sai da PUK, wadda ke rubuce a jikin kwalin sim, kuskure goma a PUK kuma ya kashe shi gaba ɗaya. Da mai ɗinkin ta kunna wannan, da katin da ɓarawo ya zare bai amfane shi da komai ba.

Layin da aka bari ya mutu

Rufewa tana da hayaniya, sata tana da zafi, amma hanyar da ta fi cin mutane ba tare da sun ankara ba ita ce layin da aka yi watsi da shi. Lambar waya ba mallakar mutum ba ce har abada. Bisa ƙa'idojin NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗi da shi ba, kamar kira ko saƙo ko sayen data, ana dakatar da shi. Idan ya ƙara wasu wata shidan a haka, kamfani na da damar sayar da lambar ga wani. Wanda ya tafi neman kuɗi Libiya ko Saudiyya, da wanda doguwar jinya ta kwantar, da wanda aka rufe wa layi ya yi fushi ya sayi sabo bai koma ta kan tsohon ba, duk suna cikin wannan sahu.

Matsalar ita ce kamfanin sadarwa ya saki lambar, amma a littafin kamfanin kuɗi tana nan da sunan tsohon mai ita. Sabon mai layi zai fara ganin alat na mutumin da bai sani ba. Idan ya je buɗe nasa asusun, a ce masa wannan lamba tana da asusu. Mai tsoron Allah zai kai rahoto. Wanda ba shi da shi kuwa yana riƙe da abin da ɓarawon waya ke nema, kuma da kuɗinsa ya saya, babu wanda zai toshe masa layi. Ban da abin da ke cikin asusun, yana iya gwada cin bashi a manhajojin lamuni da bayanan tsohon mai layin.

Akwai kuma ɗaya gefen. Idan an raba tsohon asusun da lambar, sabon mai layi ya buɗe nasa, to alƙaluma goman nan da ƴan'uwa da abokan ciniki suka haddace yanzu na wani ne. Mai aike zai danna lambar da ya saba, kuɗi su tafi wurin baƙo. Abin da ke hana wannan shi ne sunan da ke fitowa a fuskar waya kafin a saka lambar sirri. Wanda zai tura kuɗi ya karanta sunan nan kowane lokaci, ko da ya tura wa lambar sau ɗari a baya, mai POS kuma ya karanta wa wanda ba ya iya karatu da babbar murya.

Kuɗin da aka bari a asusu ba sa zama na kamfani don an daɗe ba a taɓa su ba. Ƙa'idar Babban Banki ta 2024 ta ce asusun da ya shekara ba motsi ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya kwanta, sai mai shi ya zo da shaida a tashe shi. Idan ya kai shekara 10, ana mayar da kuɗin wani asusun amana a Babban Banki, kuma mai su ko magadansa suna da haƙƙin nema. Wannan ya shafi gidajen da aka yi rasuwa. Sau da yawa akan jefa wayar mamaci a durowa har layin ya mutu, ba wanda ya tuna akwai haƙƙin marayu a ciki. Abin da ya dace shi ne magada su riƙa saka wa layin kati suna ɗan kira da shi don kada a sayar da lambar, su kuma sanar da kamfanin kuɗin, su kai takardar shaidar rasuwa da takardar kotu da ta ba su ikon kula da dukiyar, a fitar da kuɗin a sa cikin rabon gado. Wani ɗan gida ya ci gaba da cirewa don ya san lambar sirri ba hanya ba ce, ko a doka ko a addini.

Wanda ya bi duk matakan nan aka ƙi sauraronsa yana da inda zai kai kuka. Ƙorafin layi ana fara kai shi ga kamfanin sadarwa, a karɓi lambar shaidar ƙorafi, idan ba a warware ba a kira NCC kyauta a 622. Ƙorafin kuɗi ana fara shi a kamfanin da ke riƙe da asusun, a rubuce, idan mako biyu ya wuce ba gamsasshiyar amsa sai a kai ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki ta `cpd@cbn.gov.ng`, tare da lambar ƙorafin farko.

Mai karatu ya duba tun yau: sunan wa ke kan rajistar layinsa, sunan wa ke kan asusun, kuma wace lamba ce ke kan BVN ɗinsa. Idan ukun ba su zo ɗaya ba, ya je a gyara tun layin yana aiki kuma wanda aka yi rajista da sunansa yana kusa. Ya kuma duba wa mahaifiyarsa da matarsa nasu.